Caji, Kwarara da Lokaci: Lissafin da Ke Bayan Batir da Caja

Duk abin da ke amfani da lantarki, daga tocila har zuwa injin niƙa, yana aiki ne saboda caji yana ratsa shi. Caji wata sifa ce da ke tattare da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin wayar ƙarfe ƙwayoyin da ke ɗauke da shi su yi tafiya su ne ilektaron. Idan aka haɗa batir da kwan fitila ta hanyar wayoyi biyu, ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa, an samu da'ira ke nan, kuma caji zai riƙa zagayawa cikinta. Tambayoyi uku ne kan taso a nan. Nawa ne cajin da ya wuce? Da wane sauri yake wucewa? Tsawon wane lokaci aka yi yana wucewa? Amsoshin ukun a ɗaure suke da juna, ta yadda wanda ya san biyu zai iya fitar da na ukun.

Yawan caji ana auna shi da kulom, sunan da aka ɗauko daga Charles-Augustin de Coulomb, Bafaranshen da ya bayyana dokar ja da turi tsakanin abubuwa masu caji a 1785. Saurin wucewar cajin kuwa shi ne kwararar lantarki, kuma ana auna ta da amfiya, don tunawa da André-Marie Ampère, wani Bafaranshen da ya rayu daga 1775 zuwa 1836. Amfiya ɗaya na nufin kulom ɗaya yana wuce wani wuri a jikin waya a kowane sakan. A littattafan makaranta ana rubuta caji da harafin Q, kwarara da I, lokaci da t, sai dangantakar ta zama:

Q = I × t

Famfon unguwa ya isa misali. Ruwan da ya taru a jarka shi ne kamar caji, ƙarfin zubar famfon a kowane sakan shi ne kamar kwarara, sai kuma lokacin da aka bar jarkar a bakin famfo. Famfo mai ƙarfi kan cika jarka nan da nan, mai tsiyaya ma zai cika ta idan aka ba shi lokaci. Haka abin yake a lantarki. Kik ɗin mota na iya jan amfiya 150 na sakan 2 kafin inji ya tashi, wato kulom 300 ke nan. Ƙaramar fitila mai jan rabin amfiya, idan aka bar ta a kunne minti 10, ita ma kulom 300 ne zai ratsa ta. Caji ɗaya ne, amma na farko yana buƙatar waya mai kaurin yatsa, na biyu kuwa siririyar waya ta ishe shi, domin abin da ke zafafa waya shi ne girman kwarara.

Wannan dangantaka tana cikin manhajar fiziks ta sakandare, kuma ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC, NECO da JAMB sukan ci karo da ita. Siffar tambayar da aka fi sani ita ce a ce kwarara ta amfiya 2 ta ratsa wata fitila tsawon minti 5, a nemi yawan cajin da ya wuce. Ɗalibi mai gaggawa zai ninka 2 da 5 ya rubuta 10, kuma ya faɗi ke nan. Tun da amfiya kulom ne a kowane sakan, dole lokacin ya koma sakan kafin a ninka. Minti 5 sakan 300 ne, saboda haka Q = 2 × 300, wato kulom 600. Amsar 10 ta gaza ta gaskiya sau sittin, kuma idan tambayar ta zaɓi ce ba abin mamaki ba ne a tarar da ita zaune cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa.

Idan cajin da lokacin aka bayar, rabawa ake yi. Kulom 90 da suka wuce cikin minti 3 na nufin I = 90 ÷ 180, wato rabin amfiya. Idan kuma lokacin ake nema, sai a raba caji da kwarara, kuma a nan ne tarko na biyu yake. Ƙananan na'urori ba kasafai suke jan amfiya guda ba, shi ya sa ake auna kwararar su da miliamfiya, wadda ake rubutawa mA, kuma guda 1,000 ne ke yin amfiya ɗaya. A ce wani rediyo yana jan miliamfiya 250, ana so a san lokacin da kulom 450 zai ɗauka kafin ya ratsa shi. Da farko 250 mA zai koma amfiya 0.25. Daga nan t = 450 ÷ 0.25, wanda ya ba da sakan 1,800, wato rabin awa. Wanda ya manta da sauya awon zai samu sakan 1.8. Akwai hanya mai sauƙi ta kama irin wannan kuskure, ita ce mutum ya tsaya ya dubi amsar da idon hankali. Kulom 450 cikin abin da bai kai sakan biyu ba kwarara ce irin ta tayar da mota, kuma babu rediyon hannu da zai jure ta. Wannan ɗabi'a ta tambayar ko amsa ta yi kama da gaskiya ta fi haddace tsarin lissafin amfani, kuma ya kamata malamai su riƙa ba ta lokaci a aji.

Wani reshen tambayar shi ne a nemi yawan ilektaron da suka wuce. J. J. Thomson ne ya gano ilektaron a 1897 a Cambridge, sannan Robert Millikan ya auna cajinsa a gwajin ɗigon mai da ya fara a 1909 a Chicago. Cajin ilektaron guda ɗaya kusan kulom 1.6 × 10⁻¹⁹ ne, kuma tun 2019 wannan adadi ne aka tsayar a matsayin tushen da ake fassara amfiya da shi a duniya. Idan n shi ne yawan ilektaron, e kuma cajin guda ɗaya, to Q = n × e. A misalin fitilar da kulom 600 ya ratsa, n = 600 ÷ (1.6 × 10⁻¹⁹), wanda ya ba da 3.75 × 10²¹. Adadi ne mai lambobi ashirin da biyu a jere. Idan amsar irin wannan tambaya ta fito ƙarama, ƙasa da ɗaya, to an ninka ne a inda ya kamata a raba, domin ilektaron ba ya gutsuruwa.

Wannan yawan ne ke bayyana wani abu da kan ba mutane mamaki. Ilektaron ɗin da ke cikin waya ba gudu suke yi ba, jan ciki suke yi. A wayar jan ƙarfe mai faɗin baki milimita murabba'i ɗaya, idan amfiya ɗaya ke ratsa ta, matsakaicin ci gaban ilektaron bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita a sakan ba. A awa guda tafiyar da suke yi ba ta kai ko kamu ɗaya ba. Duk da haka fitila kan kama da zarar an taɓa makunni, saboda wayar cike take da ilektaron tun kafin a kunna, kuma turin da batir ke yi yana isa ko'ina a da'irar kusan a lokaci guda. Waɗanda ke cikin kwan fitilar tun farko su ne ke fara motsawa. Kwarara mai girma tana samuwa ne saboda masu tafiyar suna da yawan gaske, ko da kuwa tafiyar tasu ta hawainiya ce.

Daga nan kuma wata gaskiya ke fitowa wadda tambayoyin da'ira suka dogara da ita, wato caji ba ya ƙarewa a cikin fitila. Idan kulom 600 ya shiga ta gefe ɗaya, kulom 600 ne zai fita ta ɗaya gefen ya koma batir. Abin da fitilar ke ci shi ne makamashin da cajin ya ɗauko, shi take mayarwa haske da zafi. Saboda haka idan fitilu uku suna jere a kan hanya ɗaya, kwararar da ke ratsa ta farko ita ce ke ratsa ta ƙarshe. Idan kuwa hanya ta rabu biyu, kwararar ma rabuwa take yi, amma jimlar abin da ya bi rassan daidai yake da abin da ya iso mararrabar. Gustav Kirchhoff ne ya tsara wannan doka a 1845. Amfiya 5 da ta iso mararraba, idan 2 ta bi reshe ɗaya, to 3 ce ta bi ɗayan, kuma cikin sakan 10 kulom 30 ne zai ratsa reshen na biyu.

Akwai sharaɗi a ɓoye cikin Q = I × t wanda ba a cika faɗa ba, shi ne kwararar ta tsaya a kan adadi ɗaya tsawon lokacin. Idan tana canzawa, sai an yanka lokacin gunduwa-gunduwa. A ce amfiya 3 ta yi sakan 10, sannan ta sauka zuwa amfiya 1 ta yi sakan 30. Gunduwar farko kulom 30 ce, ta biyu ma kulom 30, jimla 60. Matsakaiciyar kwarara a nan ita ce 60 ÷ 40, wato amfiya 1.5. Wanda ya haɗa 3 da 1 ya raba biyu zai samu 2, kuma ya yi kuskure, domin ƙaramar kwararar ta fi daɗewa. Idan zanen kwarara a kan lokaci aka bayar, cajin shi ne faɗin filin da ke ƙarƙashin layin. Kwararar da ta sauko a miƙe daga amfiya 4 zuwa sifiri cikin sakan 10 tana yin siffa mai kusurwa uku, don haka cajin shi ne rabin 4 × 10, wato kulom 20.

Wannan lissafi bai tsaya a aji ba, a rubuce yake a jikin kowane batir. Wanda ya je kasuwar waya, irin ta Farm Centre a Kano, zai ji ana cinikin waya da cewa batirinta 5,000 ne. Abin da ke rubuce a kwalin shi ne 5000 mAh, wato miliamfiya sau awa. Kwarara ce aka ninka da lokaci, saboda haka awon caji ne, sai dai da awa aka lissafa maimakon sakan. Tun da awa ɗaya sakan 3,600 ce, amfiya-awa ɗaya daidai take da kulom 3,600, kuma batir mai 5000 mAh zai iya tura kulom 18,000 cikin da'ira kafin ya mutu. A nan ba laifi a bar lokaci a awa, muddin kwararar tana miliamfiya, cajin kuma yana mAh. Wayar da ke jan miliamfiya 500 a matsakaici sa'ad da ake kallon bidiyo za ta yi awa 10 da irin wannan batir. Idan a aljihu take tana jan 50 kawai, za ta iya yin awa 100. Batir ɗaya ne, kwararar ce ta bambanta.

Wajen caji ma haka ne, amma da gyara. Idan amfiya 2 ke shiga batirin, wato miliamfiya 2,000, lissafi zai ce 5,000 ÷ 2,000, awa biyu da rabi. A zahiri yakan fi haka, kuma dalilin shi ne sharaɗin nan na tsayayyar kwarara. Batirin litiyam ana cika shi ne a mataki biyu. Da farko wayar tana barin cikakkiyar kwarara ta shiga, har batirin ya kai kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Daga nan sai ta riƙa rage kwararar a hankali don kada batirin ya lalace. A ce an cika 4,000 mAh na farko da amfiya 2, awa biyu ke nan. Sauran 1,000 mAh, idan matsakaiciyar kwarara ta sauka zuwa amfiya 1, zai ci wata awa guda. Jimla awa uku, kuma sulusin lokacin ya tafi ne a kan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshe. Saboda haka mai waya da ya ga caji yana gudu zuwa 80 sannan ya fara jan ƙafa, ba lallai ne ya zargi cajarsa ko mai shagon caji ba. Abin lura kuma, lambar 2A da ke jikin caja ita ce iyakar abin da za ta iya bayarwa. Siririyar igiya mara kyau, ko waya da ta yi zafi a rana, ko danna ta da ake yi tana kan caji, duk suna rage abin da ke isa batirin.

Fawa banki ita ce ke nuna iyakar wannan lissafi. Mutum ya sayi mai 10000 mAh, wayarsa kuma 5000 mAh ce, sai ya sa ran cika ta sau biyu. Yawanci kusan sau ɗaya da rabi yake samu, har ya yi zaton an cuce shi. Akwai jabu a kasuwa, amma ko ta gaske ce haka za ta yi. Caji kaɗai bai faɗi yawan makamashi ba sai an ninka shi da ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bolt. Batiran da ke cikin fawa banki na kusan bolt 3.7 ne, don haka amfiya-awa 10 sau 3.7 ya ba da wat-awa 37. Amma a bakin USB bolt 5 ke fita, kuma wat-awa 37 a bolt 5 bai wuce 7,400 mAh ba, ko da babu asarar komai. Asara kuwa akwai ta, wajen ɗaga bolt ɗin a cikin fawa bankin da kuma wajen sauke shi a cikin wayar, kuma ɗumin da ake ji a jikinsu shi ne alamarta. Ba a kwatanta mAh na abubuwa biyu sai bolt ɗinsu ɗaya ne. In sun bambanta, lambar Wh da ke jikinsu ita ce abin dubawa.

A harkar sola kuskure a wannan lissafi kuɗi yake ci. A ɗauki gida mai batir na bolt 12 wanda aka rubuta wa 100Ah. Akwai ƙwai huɗu na fitila, kowanne yana jan rabin amfiya kai tsaye daga batirin, da fanka mai jan amfiya 1.5. Jimlar kwarara amfiya 3.5 ce. Idan suka kwana a kunne awa 10, an ci amfiya-awa 35. Batirin dalma, wanda shi ne aka fi sani a irin waɗannan gidaje, ba a so a riƙa zuƙe fiye da rabinsa a kullum idan ana so ya yi ƙarko, don haka abin da ake da shi na amfani amfiya-awa 50 ne. Wannan kaya ya yi daidai da batirin. Washegari dole faifan sola ya mayar da 35 ɗin da ɗan ƙari, domin ba duk cajin da aka tura ne batir ke riƙewa ba. Idan faifan na ba da amfiya 8 a matsakaici, zai buƙaci kusan awa biyar na rana mai kyau, kuma a lokacin hunturu, da hazo ke dusashe rana ƙura kuma ta lulluɓe gilashin, kwararar kan ragu, batirin ya shiga dare bai ƙoshi ba.

Da zarar inbata ta shigo, sai a kula da wace kwarara ake sakawa a lissafi. A ce talabijin da kayanta suna jan rabin amfiya a bolt 230. Wanda ya raba 100 da 0.5 zai ce batirin zai yi awa 200, abin da ba zai taɓa faruwa ba. Rabin amfiya a bolt 230 kusan wat 115 ne, kuma kafin batir mai bolt 12 ya ba da wat 115 sai ya fitar da kusan amfiya 10, da asarar inbata kuma ta kai 11. Amfiya-awa 50 a raba da 11 ya ba da awa huɗu da rabi. Kwararar da ke fita daga batirin ita ce ake sakawa, domin cajinsa ake lissafawa. Ƙari a kan haka, lambar 100Ah ana samun ta ne idan aka ja batirin a hankali, yawanci cikin awa 20 ko 10. Batirin dalma da aka matsa wa da babbar kwarara yakan ba da ƙasa da abin da aka rubuta.

Wannan dangantakar ce kuma mai gyara ke gwada lafiyar batir da ita. Zai cika shi taf, ya haɗa masa kaya mai jan kwarara sananniya, ya duba agogo. Batir mai 100Ah da aka ɗora wa amfiya 5 ya kamata ya doshi awa 20 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5, inda ake ɗaukar ya ƙare. Idan a awa 6 ya kai nan, amfiya-awa 30 kawai ya rage masa, ko da kuwa mita ta nuna bolt 12 da ɗoriya sa'ad da ba a ɗora masa komai ba. Wajen auna kwararar, ana cire waya ɗaya ne a sa mitar a tsakani, yadda duk cajin zai bi ta cikinta. Ɗora bakunan mita kai tsaye a kan kawunan batir alhali tana kan awon amfiya yakan ƙone fis ɗinta nan take, kuma da babban batir yana iya haddasa tartsatsi da ƙuna.

Duk abin da ya gabata ya shafi kwarara mai tafiya ɓangare ɗaya ne, irin ta batir da sola. Wutar gida da ta janareta kai-komo take yi, tana kammala zagaye 50 a kowane sakan a Najeriya da Nijar. Cajin da ya tafi gaba a rabin zagaye yana dawowa a ɗaya rabin, don haka jimlar abin da ya wuce ɓangare ɗaya a cikakken zagaye sifiri ne, ko da yake dutsen guga yana zafi fanka kuma tana juyawa. Idan aka rubuta amfiya 5 a jikin irin wannan kaya, ana nufin yana zafafa waya kamar yadda tsayayyar kwarara ta amfiya 5 za ta yi, kuma ninka wannan lamba da lokaci ba zai ba da cajin da aka kwashe daga wani wuri zuwa wani ba. Mitar wutar gida makamashi take ƙirgawa, da kilowat-awa, kuma shi ne yunit ɗin da ake saya.